Kada Ka Jira Ranar Buɗe Reshe

Duk wanda ya leƙa shagon hoton takardu da ke bakin ƙofar makaranta a 'yan makonnin nan ya ga abin da ke faruwa. 'Yan ajin ƙarshe na difloma sun yi layi, kowa riƙe da wasiƙa ɗaya yana so a buga masa kwafi ashirin ko talatin. Abin da ake canzawa kawai shi ne sunan kamfani a sama, wani lokacin ma da biro ake cike gurbin. Dukkanmu gurbin shekarar nan ta sanin makamar aiki muke nema, wadda sai da ita mutum zai dawo ya yi babbar difloma. Ba ina yi wa kowa dariya ba ne, domin ni ma na yi. Bara, lokacin neman gurbin SIWES na wata huɗu, kwafi goma sha takwas na raba a gari. Babu wanda ya kira ni. A ƙarshe wani kawuna ne ya yi mini hanya.

Ra'ayina a nan shi ne, wasiƙar da ba ta da dalilin zuwanta a wannan makon, ba ta da dalilin da zai sa a karanta ta. Kuma dalili mafi ƙarfi da ɗalibin da ba shi da kowa zai iya samu shi ne wani sabon abu da ya faru a wurin da yake rubuta wa: sun kama ginin sabon reshe, sun ƙara injin, sun sayo motoci, sun sami kwangila. Sai dai yawancin waɗanda suka ji wannan shawara suna ɗaukar rabinta ne su bar rabi, shi ya sa nake so in yi maganar dalla-dalla.

Mu fara da mutumin da zai karɓi takardar. Manaja ne ko mai kamfani, yana zaune ranar Talata, ga takarda ta zo tana cewa wane ɗalibi ne mai ƙwazo da riƙon amana, yana neman a ba shi dama. Tambayar da za ta zo masa ita ce, me ya sa yau? Ma'aikatansa sun ishe shi jiya, sun ishe shi yau. Babu kujerar da ba kowa a kai, babu aikin da ya tsaya. Ko yana da kirki, iyakarta ya ce a ajiye a fayil, kuma duk mun san abin da fayil ɗin nan yake nufi. To amma a ce mutumin nan zai buɗe reshe na biyu nan da wata biyu. Yanzu yana da kantoci da ba wanda zai tsaya a bayansu, yana da sito da ba wanda zai riƙe littafinsa, kuma amintattun yaransa guda uku ko huɗu dole ya raba su gida biyu. Takardar da ba ta da amfani a watan jiya, yau tana iya zama amsar abin da ya hana shi barci. Ɗalibin bai ƙara ilimi ba tsakanin watannin nan biyu. Halin da mai karɓar takardar yake ciki ne ya sauya.

Inda ake yin kuskure shi ne a ɗauka ambaton sabon reshen shi ne aikin. Na ga wasiƙar wani abokina da ta fara da taya murna layi huɗu, Allah ya sanya alheri, Allah ya kawo kasuwa, wannan ci gaba ne ga al'umma baki ɗaya, daga nan sai ta zarce da ainihin tsohuwar wasiƙar nan ta shagon hoton takardu, ba a taɓa ko harafi ba. Wannan barka ce aka manna a goshin roƙo, kuma mai kamfani yana gane ta tun daga layi na biyu, domin tun da ya kafa allo 'yan barka suke zuwa, kowa da buƙatarsa a aljihu. Sabon reshe yana zama dalili ne kawai idan ka iya nuna wace matsala ya haifar, sannan ka nuna wane ɓangare na matsalar kai za ka iya ɗauka. Idan babu wannan igiya tsakanin abin da ya faru da abin da ka iya, gara ma kada ka ambace shi.

Bari in ba da labarin tawa, domin a ga yadda igiyar take. Ni lissafin kuɗi nake karanta. A hanyar da nake bi zuwa makaranta akwai wani gini da ya daɗe a rufe, sai wata rana na ga masu fenti, bayan kwana kaɗan na ga ana shigar da kantocin ƙarfe. Babu allo tukuna. Na tsaya wajen mai shayin da ke tsallaken titi, wanda ma'aikatan ginin ke karyawa a wurinsa, na tambaye shi. Ya ce wani Alhaji ne mai babban kantin kayan masarufi a cikin gari zai buɗe na biyu, kuma ana so a buɗe kafin azumi. A lissafina saura mako bakwai. Ban tsaya a kan maganar mai shayi kaɗai ba. Na je tsohon kantin na sayi sabulu, na tambayi yaron da ke kan kanta, ya tabbatar mini, ya kuma gaya mini cewa ba Alhajin ne ke kula da maganar sabon wurin ba, ƙaninsa ne, wanda suke kira Manaja. A tsayuwar nan na lura da abu biyu. Suna da kwamfuta a wurin biyan kuɗi, amma kayan da ake fitowa da su daga sito a wani dogon littafi ake rubutawa da hannu.

Wannan littafin shi ne ya ba ni abin rubutawa. Duk wanda ya zauna a ajin lissafin rassa ya san abin da ke faruwa idan kanti ɗaya ya zama biyu. Muddin sito ɗaya ne kanti ɗaya, kaya hanya ɗaya suke bi, daga sito zuwa kanta zuwa hannun mai saye, kuma littafin hannu yana iya riƙe wannan. Ranar da aka buɗe reshe, kaya sun sami hanya ta biyu. A ce an loda katon ɗari biyu na taliya daga babban sito zuwa reshe. Idan ba a rubuta takardar fitarwa a can ba, aka kuma sa hannu a takardar karɓa a nan, to a ƙarshen wata babban sito zai nuna giɓin katon ɗari biyu, reshe kuma zai nuna cinikin kayan da a takarda bai taɓa karɓa ba. Idan kuwa ɗari da casa'in da biyar ne suka isa, babu mai iya cewa biyar ɗin a mota suka ɓata, ko a wajen lodi, ko tun farko ba a ƙirga daidai ba. Daga nan zargi yake farawa tsakanin yaran da shekara da shekaru suna aiki tare lafiya. Kuma duk wannan yana rataye ne a kan abu ɗaya: ƙirgar farko, wato a san adadin kowane kaya da ke cikin reshen kafin a sayar da ko ƙwaya ɗaya. Idan aka buɗe ƙofa ba a yi wannan ƙirgar ba, babu wani ma'auni da za a koma gare shi daga baya.

Ga abin da na rubuta wa Manajan, bayan sallama da gaisuwa layi ɗaya:

“Ranka ya daɗe, na ga ana shirya sabon reshenku da ke kan hanyar makarantarmu, kuma an shaida mini kuna so ku buɗe kafin azumi. Allah ya sa a buɗe a sa'a. Ni ɗalibin lissafin kuɗi ne a ajin ƙarshe na difloma. Na san idan kaya suka fara tafiya tsakanin sito da reshe, wurin da lissafi ya fi rikicewa shi ne ƙirgar farko da takardun fitarwa da karɓa. A lokacin SIWES na yi wata huɗu a sito ina wannan aikin, kuma na iya tsara shi a Excel yadda kowace yamma za a ga abin da ya fita da abin da ya isa. Ina neman izinin in zo in taya ku ƙirgar farko na kwana uku, ranakun da ba ni da lacca. Idan aikin ya yi muku, ina neman gurbin shekarar sanin makamar aiki a wurinku bayan jarrabawarmu. Zan leƙo ranar Alhamis bayan la'asar, idan lokacin bai yi ba sai a sanya mini wani.”

Iyakarta ke nan, ko rabin shafi ba ta cika ba. A lura barkar jimla ɗaya ce. Ban ce ina da ƙwazo ba, ban ce ina da riƙon amana ba, domin ɓarawo ma haka zai rubuta. Ban kuma ce littafinsu na hannu ba shi da kyau ba, ko da yake shi na gani. Wannan wuri ne mai santsi. Kana so ka nuna ka hango matsala, amma ɗan shekara ashirin da biyu ba ya shiga kasuwancin da aka kafa tun yana rarrafe ya ce ana yin sa ba daidai ba. Shi ya sa na ɗora matsalar a kan sabon reshen, wanda gaskiya ne shi zai kawo ta, ban ɗora ta a kan mutanen ba. Abin da na roƙa da farko kuma ƙarami ne, kwana uku, abin da mutum zai iya amsawa da “to” ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Neman shekara guda ya biyo baya, kuma na faɗe shi a fili, don kada daga baya a ce na shigo da wata manufa a ɓoye.

Da na je ranar Alhamis, Manajan ya bar ni a tsaye kusan minti arba'in yana waya. Da ya juyo sai ya ce, “Samari, kai ne mai takardar nan? Wa ya gaya maka za mu buɗe kafin azumi?” Na ce yaronsa na kan kanta, ranka ya daɗe. Ya yi dariya ya ce in zo ranar Asabar. Mun yi ƙirgar, kwana huɗu ta ci maimakon uku, domin kayan gwangwani sai da muka bi kwanan watan lalacewarsu ɗaya bayan ɗaya. Maganar shekara guda kuwa har yanzu cewa ya yi in gama jarrabawa tukuna mu gani. Don haka ba zan ce na samu ba. Abin da zan iya cewa shi ne, takarda goma sha takwas ba su sa kowa ya tambaye ni sunana ba, guda ɗaya ta kai ni cikin sito.

Yanzu maganar lokaci, wadda ita ce ta sa na sa wa rubutun nan wannan suna. Yawancinmu muna jin labarin sabon reshe ne ranar da aka kafa rumfa, aka kira manyan baƙi, aka sa a rediyo. A ranar nan an riga an gama ɗaukar mutane. Dole ne ma a gama, domin wanda zai tsaya a kan na'urar biyan kuɗi ranar buɗewa sai an koya masa tun kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Alamomin da ke da amfani su ne na kafin biki: fenti, kantoci, janareta ko faifan sola da ake ɗorawa, allon da aka rufe da leda, sanarwar neman masu gadi da direbobi, wanda sau da yawa su ake fara nema. A ganina daga wata biyu zuwa wata ɗaya kafin buɗewa shi ne lokacin. Idan ka riga haka da yawa, mai wurin yana fama da magina da 'yan wuta, ba ya da kan sauraron maganar ma'aikata. Akwai kuma wata 'yar taga ta biyu, kamar wata ɗaya bayan buɗewa, lokacin da wasu daga cikin sababbin yaran suka gudu, lissafin watan farko kuma ya ƙi haɗuwa. Amma a lokacin wasiƙar taka ba ta taya murna ba ce, sai ka sake mata baki.

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini a ɗakin kwananmu: a ƙasar nan ba takarda ke ba da aiki ba, hanya ce. Mai sabon reshe yana da 'ya'yan 'yan'uwa da na maƙwabta da na abokai da suka fi kujerun yawa. Wannan gaskiya ne, kuma ni kaina na faɗa a sama cewa kawuna ne ya sama mini gurbin bara. Amma a duba waɗanne kujeru ne 'yan'uwa ke cikewa. Kan kanta, karɓar kuɗi, kula da yara. Aikin da ke buƙatar wani abu takamaimai, kamar haɗa lissafin sito biyu, ko ja wayar da za ta haɗa kwamfutocin reshe da na babban kanti, ko kula da injin sanyaya kaya, shi ɗan'uwa ba ya iya shi don kawai ɗan'uwa ne. Nan ne ɗan kwalejin fasaha yake da abin faɗa. Wanda ke da hanya ya bi hanyarsa, ba na hana shi. Maganata da wanda ba shi da ita ne, wanda zaɓinsa bai wuce wasiƙa mai dalili ko wasiƙa marar dalili ba.

Wata suka da ta fi wannan nauyi ita ce, ba kowace faɗaɗawa ce ke nufin ana neman mutane ba, kuma ko ana nema, ba lallai a wurin da kake gani ake ɗauka ba. Kamfanin da ya sayo sabon injin mai sarrafa kansa yana iya rage ma'aikata ne ma. Banki idan ya buɗe reshe a unguwarku, manajan reshen yawanci ba shi ke ɗaukar ma'aikata ba, daga hedikwata ake turo su, ko ta hannun kamfanonin da ke samar wa bankuna ma'aikatan kwantiragi. Ka kai masa wasiƙa mai kyau, zai karɓa da fara'a, amma ba shi da ikon yin komai da ita. Haka manyan ayyukan da muke ji a labarai. An aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil ke aikin, layin kuma ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. An ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki a Kano a watan Janairun 2023. Ɗalibi zai ji irin wannan ya ɗauki biro ya rubuta wa babban ofishi, inda takardarsa za ta tarar da ɗaruruwa irinta. Ni a ganina labarin babban aiki dalili ne na rubuta wa ƙananan da ke kewaye da shi. Tashar kaya tana jawo masu fiton kaya daga kwastan, da masu manyan motoci, da masu sito. Aikin layin dogo yana jawo masu kawo tsakuwa da yashi, da masu gyaran injuna, da masu awon ƙasa. Waɗannan su ne aiki ke yi wa yawa farat ɗaya, kuma a wurinsu mai yanke shawara mutum ɗaya ne da za ka iya samu a ofishinsa bayan la'asar. Kafin ka rubuta, tambayar da za ka yi wa mai gadi ko wani ma'aikaci ita ce, a nan ake ɗaukar mutane ko daga sama ake turo su? Amsar za ta hutar da kai kuɗin mota.

Sai a kiyayi abu biyu. Kada ka rubuta a kan jita-jita. Wata 'yar ajinmu ta taya wani kamfani murnar sabon reshe, ashe ba reshe ba ne, tashi suka yi daga babban gini zuwa ƙarami saboda haya ta yi musu tsada. Ka ji daga baki biyu, ɗaya daga ciki ya kasance na cikin gida, kuma a wasiƙar ka faɗi abin da ka gani da idonka ko aka shaida maka, kada ka ƙara gishiri. Sannan ba kowane abin da ya faru ne ya dace a rubuta a kansa ba, ko da ya buɗe gurbi. Gobara ta ci sito, ko an kori akawu bisa zargin sata, ko mai wurin ya rasu 'ya'ya sun karɓa. Lallai akwai buƙata a nan, amma wanda ya aiko takardar neman aiki yana ambaton wannan, sunansa zai zauna a ran mutanen ta hanyar da ba zai so ba. Idan kana da alaƙa da su, ka je jaje ko ta'aziyya, ka bar maganar aiki sai wani lokaci.

Wahalar wannan hanya ita ce ba ta yin kwafi. Wasiƙar da na rubuta wa Manajan nan ba za ta yi aiki a asibiti mai ƙara ɗakin gwaji ba, ba za ta yi a gidan burodi mai ƙara tanda ba. Kowacce sai ka taka ka je, ka tambaya, ka zauna ka yi tunanin me sabon abin zai rikita musu, wanda ya shafi abin da kake karantawa. Tawa ta ci mini zuwa biyu da sabulu ɗaya da kusan awa biyu ina gogewa ina sakewa. A mako ba za ka iya fiye da biyu ko uku ba, ga lacca ga aikin kammalawa. Ni yanzu ina da wurare uku a bayan littafina da nake sa wa ido, ɗaya gidan man da ake ƙara wa famfo ne, ɗaya kantin magani ne da ya kama shagon da ke jikinsa yana fasa bango. Na ukun har yanzu ban gano ko reshe ne ko tashi za su yi ba, sai na koma wajen mai gadin ranar Asabar.